Yadda ake mai da takardar malamin gona bidiyon da manomi zai kalla ya yi aiki da shi

Takardar da zan yi misali da ita shafi ɗaya ce, irin wadda malaman gona ke rabawa gabanin damina, kan sa takin zamani ɗan kaɗan a ramin shukar hatsi. Da Faransanci aka rubuta ta, wani ya mai da ita Hausa kalma da kalma. Ga abin da zuciyarta ta ce: a yi amfani da giram 6 na takin 15-15-15, ko giram 2 na takin Dap, a kowane rami lokacin shuka, da tazarar mita 1 a kan mita 1, wato kilo 60 ko kilo 20 a eka mai murabba'in mita 10,000, a kuma guji haɗuwar taki da iri kai tsaye. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Dabarar sananniya ce, masu bincike na cibiyar binciken noma ta Sadore kusa da Yamai da na Inran, hukumar binciken noma ta Nijar, sun daɗe suna gwada ta a ƙasar jigawa irin tamu. Amma na karanta wa wani dattijo wannan jimla a wani ƙauye ta wajen Gidan Rumji, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Ɗana, to mi za ni yi da hannuna?” Amsar wannan tambaya ita ce aikin da zan bayyana, daga takarda har zuwa bidiyon minti uku da za a tura ta salula.

Ka fara da gona, ba da alƙalami ba

Kuskuren da kusan kowa ke yi da farko shi ne ya zauna ya sassauta kalmomin takardar, ya cire masu wuya, ya karanta a gaban kyamara. Abin da zai fito takarda ce dai, an ba ta murya. Ka ajiye ta. Ka ɗauki sungumi, da kwaryar iri, da ɗan taki a kwano, ka nemi manomi ɗaya da malamin gonar da ya san dabarar, ku shiga gona ku shuka ramuka ashirin. Kai aikinka kallo ne. Duk abin da hannu ko ƙafa ya yi, ka rubuta shi a layi guda, bi da bi yadda ya faru.

Da muka yi haka, ga abin da ya fito: an tona ƙasa da hannu an duba laima, an sari rami, an ɗebi taki, an zuba shi a gefe ɗaya na ramin, an turo ƙasa kaɗan ta rufe shi, an jefa iri, an rufe da diddige, an yi taku ɗaya an sake sara. Motsi takwas ke nan, alhali takardar ta dunƙule su cikin kalmar “a yi amfani da”. Biyu daga cikinsu, duba laima da turo ƙasa a kan takin, ba su ma cikin takardar a matsayin aiki. Na farkon an ɗauka kowa ya sani, na biyun kuwa an ɓoye shi cikin “a guji haɗuwar taki da iri”. Kuma nan ne ake yin ɓarna, domin ƙwayar taki gishiri ce: idan ta kwanta jikin iri a ƙasa mai ƙarancin laima, sai ta janye ɗan ruwan da ke wurin, tsiron ya ƙone tun bai fito ba.

A gona ne kuma za ka ga abin da takarda ba ta taɓa faɗa ba. Shukar hatsi a wurinmu aikin mutum biyu ne, mai sara a gaba, mai jefa iri a baya, sau da yawa mace ko yaro. Sa taki ya kawo mutum na uku. Ranar da ruwan shuka ya sauka kowa sauri yake, ba mai ba ka aron hannu. Idan bidiyonka bai nuna wa zai riƙe kwanon taki da inda zai tsaya a layi ba, manomi zai warware matsalar da kansa ta hanya mafi sauƙi, wato ya juye takin cikin kwaryar iri ya gauraya. Akwai masu yin hakan da ɗan taki kaɗan, kuma dabara ce ta daban mai nata ma'auni. Idan aka yi ta da giram shida ga kowane rami, iri zai sha wuya.

Bidiyo ɗaya, hanya ɗaya

Takardar ta ba da zaɓi biyu a jimla guda: shida na wannan ko biyu na wancan. Mai karatu yana iya mai da ido baya ya ga wane adadi ke tare da wane suna. Mai sauraro ba shi da baya. Ya ji “shida” da “biyu” da sunaye biyu, gobe a gona sai su cakuɗe masa.

Dalilin bambancin yana da kyau kai ka san shi, ko da ba za ka faɗe shi duka ba. Abin da jigawa ta fi rasawa fosfor ne. A cikin 15-15-15, kashi 15 cikin 100 ne na fosfat, sinadarin da ke ɗauke da fosfor. A cikin Dap, wanda buhunsa ke ɗauke da 18-46-0, kashi 46 ne. Giram 6 sau kashi 15 ya ba da giram 0.9; giram 2 sau kashi 46 ya ba da giram 0.92. Ka ga abu ɗaya ake nema ta ƙofa biyu. Saboda haka wanda ya ɗebi Dap da ma'aunin 15-15-15 ya ninka abin da ake so sau uku, buhunsa ya ƙare da wuri, kuma ya ƙara haɗarin ƙona iri. Ga manomi, wannan lissafi duka jimla ɗaya ce: “Wannan ya ninka wancan ƙarfi sau uku, shi ya sa ake ɗibarsa kaɗan.”

Mu sai muka raba. Muka tambayi mai shagon kayan gona da ke kusa wanne ne ya fi shigowa a shekarar, muka yi bidiyon farko a kan 15-15-15 kaɗai, Dap ya sami nasa daga baya. A farkon kowanne ana nuna buhun, a sa yatsa a nuna lambobin da ke jikinsa, sannan a zuba ƙwayar a tafin hannu a kawo ta kusa. Mutane da yawa da ba su karanta haruffa suna gane lambobi, saboda kuɗi da lambar waya, don haka sha biyar sau uku a jere abu ne da ido ke kamawa. Kada ka dogara da launin ƙwaya ko na buhu kaɗai, yana sauyawa daga kamfani zuwa kamfani, kuma a kasuwa ana sayar da taki a tiya, ba buhu ba takarda. Sunan kuwa, ka ji wanda mutanen wurin ke kira. Wasu na cewa kanz-kanz, waɗanda ke cin kasuwannin kan iyaka ta wajen Dan Isa da Jibiya suna cewa kamfa. Ka faɗi sunayen sau ɗaya a farko, daga nan ka riƙe guda har ƙarshe.

Mai da ma'auni abin da ke cikin gida

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma nan ne ba a yarda da ji-ta-ji-ta. Ana yawan cewa giram shida marfin kwalbar lemo ne, giram biyu kuwa tsunkule da yatsu uku. Kusan haka ne, amma marfi kala-kala ne. Na ƙarfe mai haƙora ba zurfinsa ɗaya da na roba mai murɗi ba, na roba ma akwai gajere akwai dogo. Yatsun ƙato kuma ba na yarinya ƴar shekara goma sha biyu ba ne, ita ce kuwa wataƙila za ta riƙe kwanon.

Ba sai kana da sikelin maƙeran zinariya ba. Ka zaɓi marfin da ya fi yawa a garin, ka cika shi sau ɗari kana juyewa a leda, ka kai wa mai shago ya ɗora a sikelinsa. Idan ya tashi kusan giram 600, marfin ya yi. Idan ya haura sosai, ka gwada shafe bakinsa da yatsa maimakon barinsa da tozo. Idan ya gaza, ka gwada da tozo ko ka sauya marfi. Tsunkule ma haka, sau ɗari ya kamata ya ba da kusan giram 200, kuma ka sa mutum uku daban-daban su yi, ka ga yadda hannu ke bambanta. Abin da ka samu shi za ka faɗa: wane marfi, a shafe ko da tozo. Kalmar “cike” ita kaɗai ba ta isa ba. A kasuwa wanda ya auna maka tiya a shafe ya cuce ka, don haka ga yawancin mutane cike yana nufin da tozo.

Mita ɗaya tana komawa taku ɗaya na babban mutum, mai ɗan faɗi. A nan akwai tarko a rubuce: kalmar taki ta abin da ake zubawa da taki ta ƙafa rubutunsu ɗaya ne, murya ce ke raba su. Mai karanta maka rubutun zai iya tuntuɓe a kan “taki ɗaya tsakanin rami da rami”, wani mai sauraro kuma ya ɗauka marfi ɗaya ake zubawa a tsakiyar ramuka biyu. Mu muka bar taki ga na zubawa, muka ce taku ga ƙafa.

Eka kuwa ka cire ta gaba ɗaya. Kaɗan ne suka san faɗin gonarsu da awo, kuma abin da muke kira eka a nan, murabba'in mita 10,000, ya ninka ekar da wasu ke nufi a ƙetaren iyaka kusan sau biyu da rabi. Bidiyo ba ya tsayawa a kwastan, zai kai Katsina cikin kwana biyu. Abin da manomi ke son sani shi ne nawa zai saya. Taku ɗaya ta kowane gefe yana ba da ramuka 10,000 a eka, buhu mai kilo 50 kuma zai kai ramuka kamar 8,300. Wannan ma lamba ce mai nauyi a kunne. Muka auna tiyar garin cike da wannan taki, ta ba mu kusan kilo uku, wato ramuka ɗari biyar. Sai muka ce: “Tiya ɗaya ta taki za ta yi maka layi goma, kowane layi rami hamsin.” Wannan mutum zai iya tsayawa a bakin gonarsa ya ƙiyasta. Kai ma ka auna taka tiyar, kada ka ɗauki tamu.

Rubuta abin da baki zai faɗa

Ka raba takarda gida biyu. A hagu abin da ido zai gani, a dama abin da kunne zai ji. Ka cika hagu tukuna, daga motsin nan takwas. Duk maganar da ka rubuta a dama wadda ba ta da abin kallo a hagu, ka tuhume ta. Yawanci wa'azi ne, a cire.

Dokar da na fi riƙewa ita ce a faɗi abubuwa bi da bin yadda hannu zai yi su. A rubutunmu na farko akwai jimlar da ta ce, “Kafin ka jefa iri, ka tabbata ka zuba taki ka rufe shi da ƙasa.” Hausa ce mai kyau, ba wanda zai ce ba daidai ba. Amma kunne ya fara jin iri, sannan taki, sannan ƙasa. Da muka gwada, mutum biyu cikin biyar suka jefa iri, suka zuba taki a kansa, suka rufe, daidai abin da ake gudu. Tun daga ranar na daina sa “kafin” da “bayan” a tsakiyar umurni. Jimlar ta koma uku: zuba taki, turo ƙasa, jefa iri.

Ga yadda zuciyar rubutun ta tsaya a ƙarshe, da abin da ake gani tare da kowace magana.

Hannu yana tona ƙasa bayan ruwa. Murya: “Ruwa ya sauka jiya. Tona da hannu. In laima ta kai tsawon tafin hannunka zuwa wuyan hannu, ka yi shuka da taki. In ƙasa busasshiya ce, kada ka sa.” Sungumi ya sari rami, hannu ya ɗebi taki da marfi, yatsa ya shafe bakinsa. Murya: “Marfin lemo ɗaya. Shafe bakinsa da yatsa, ba tozo.” Taki ya zuba a gefen rami. Murya: “Zuba a gefe ɗaya na ramin.” Ƙafa ta turo ƙasa. Murya: “Turo ƙasa ta rufe takin, har ka daina ganin ƙwayarsa.” Iri ya faɗa ɗaya gefen. Murya: “Yanzu jefa iri a ɗaya gefen. Rufe da diddige, yadda ka saba.” Mai sara ya matsa. Murya: “Taku ɗaya, sai rami na gaba.”

Ka lura da “har ka daina ganin ƙwayarsa”. Kowane mataki yana bukatar alamar da mai yi zai gane cewa ya yi daidai, alamar da ido ko hannu ke tabbatarwa. Takarda za ta ce santimita biyu na ƙasa. Ba mai shiga gona da abin awo. Ka lura kuma da “yadda ka saba”. Mutumin da ya shekara arba'in yana shuka hatsi ba a koya masa rufe rami da diddige. Idan ka tsaya bayyana masa abin da ya sani tun yana yaro, zai ji raini, kuma zai daina saurare daidai lokacin da sabon abu ya zo. Sabon abu a nan uku ne kacal: marfi, gefe, ƙasa a tsakani. Su za a ba lokaci.

Kada ka yarda da “kamar haka” da “ga shi nan” su tsaya su kaɗai. Mai magana yana ganin hannunsa, sai ya ji ya yi bayani. Amma bidiyon zai faɗa ƙaramar waya mai madannai wadda fuskarta ba ta kai akwatin ashana biyu ba, mutum shida sun kewaye ta a inuwar bedi, huɗu daga ciki murya kawai suke ji. Wani kuma zai cire sautin ya tura shi kaɗai ta Watsap. Gwajin mai sauƙi ne: ka juya wa wani baya ka karanta masa gefen dama. Duk inda ya ce “kamar yaya?”, a nan akwai rami a rubutun.

Dalili kuwa a ba shi jimla ɗaya, a inda ake bukatarsa. Bayan an turo ƙasa, murya ta ce, “Taki gishiri ne, in ya taɓa iri yana ƙona shi.” Wanda ya san dalili ba ya tsallake matakin ranar da yake sauri. Na ga masu buɗe bidiyo da minti ɗaya na bayani kan talaucin ƙasa da sauyin yanayi. Manomi ya fi su sanin cewa gonarsa ta gaji. Mu buɗewarmu sallama ce, da jimla biyu: wannan na mai shuka hatsi a jigawa ne, wanda kuɗinsa ba su kai ya watsa taki a gona duka ba.

Batun hani yana da wuyar sha'ani. Idan ka nuna hannu yana zuba taki a kan iri, kana cewa kada a yi haka, hoton ya fi muryar ƙarfi, kuma wanda iska ta hana shi jin “kada” ya koyi kuskuren da kyau. Jan kuros da ake ɗorawa a kan hoto ba kowa ya san ma'anarsa ba, al'adar lakkwal ce. Abin da ya fi mana aiki shi ne nuna sakamako maimakon aikin: layi biyu bayan kwana goma, ɗaya ya tsiro ɗaya da giɓi, manomin yana tsaye yana cewa, “Nan taki ya taɓa iri.” Wannan yana nufin sai ka shuka layukan gwaji tun da wuri, ko da ban ruwa ne a lambu.

Hani ɗaya ne muka maimaita sau biyu, a farko da ƙarshe, wato binne. Mutane da yawa suna shuka a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa, kuma ɗan yayyafi da bai kai ya jiƙa ƙasa ba yana iya narkar da taki kusa da iri. Ga mai binne muka ce ya shuka irinsa kawai, ya jira hatsi ya fito, sannan ya sa marfinsa a gefen tsiro bayan ruwa ya rufe. Ba mu nuna yadda ake yi ba a wannan bidiyo, mun ce akwai nasa.

Wa zai yi magana, da wace Hausa

Muryar ta zama ta wanda hannunsa ke cikin hoton, ko ta wanda za a yarda cewa yana noma. Mun taɓa ɗaukar wani matashi mai murya irin ta gidan rediyo, da Hausar littafi da takalmi sau ciki. Wata tsohuwa ta kalla ta ce wa jikanta, “Wanga bai taɓa riƙon sungumi ba.” Daga nan ba ta ƙara jin komai ba. Idan manomin ya ce munka da sunka, ya ce mi maimakon me, ka bar shi, haka masu kallonsa ke magana daga Tibiri har Madarunfa. Kada ka ba shi takarda ya karanta ko ya haddace. Ka faɗa masa layi ɗaya, ya maimaita da bakinsa, in ya sauya kalma zuwa wadda ta fi zama a harshensa, tasa ta fi taka. Abin da ba ya sauyawa shi ne marfi ɗaya, a shafe, da jerin matakan.

Ka kuma yi tunanin “ka” da “ki”. Mata a nan suna da gamanarsu, kuma su ne sau da yawa ke jefa iri a gandu. Bidiyon da ke cewa ka, ka, ka daga farko har ƙarshe yana gaya musu ba da su ake ba. Ko a yi amfani da “a zuba, a rufe”, ko a yi na biyu da muryar mace da hannun mace. Na biyun ya fi, kuma ba ya cin fiye da wuni ɗaya tunda rubutun yana nan.

Ɗaukar hoton ba ta da wani sirri. Da safe kafin rana ta yi tsaka, mai waya ya tsaya bayan kafaɗar mai aiki don dama ta zama dama, ya matso har marfin ya cika fuskar waya. Iskar gona tana cinye murya, don haka mukan ɗauki hoton a gona, mu ɗauki muryar a ɗaki mu haɗa. Ba kiɗa a ƙarƙashin magana, ba rubutu a kan hoto. Bayan an nuna rami ɗaya a hankali, a nuna ramuka biyar a jere ba yankewa, mutum uku a layi da saurin aiki na gaskiya, muryar tana cewa kawai taki, ƙasa, iri, taki, ƙasa, iri. Wannan ɗan waƙen shi ne abin da ke bin mutum gona. Minti uku ya isa, kuma a rage nauyinsa yadda zai wuce daga waya zuwa waya ta bulutut ba tare da an sayi kiredi ba.

Gwaji: miƙa sungumi, ka yi shiru

Kada ka tambayi kowa ko ya gane. Baƙo ya zo da waya, ya sha wahala, ladabi ya hana a ce masa a'a. Ka nemi mutum biyar da ba su ga ana ɗaukar hoton ba, cikinsu da mata biyu da dattijo ɗaya, ka nuna wa kowanne shi kaɗai a ƙaramar waya, sau biyu in ya so. Sannan ka ajiye masa sungumi, da iri, da taki, da marafe iri uku, ka ce, “Baba, ga gona, a yi mana rami biyar.” Daga nan bakinka ya mutu. Malamin gona da ke tare da kai zai so ya gyara, ka riƙe shi.

Abin da kake kallo huɗu ne: wane marfi ya ɗauka, ya shafe ko ya bar tozo, mene ne ya fara shiga rami, kuma ya turo ƙasa ko ya tsallake. Idan mutum ɗaya ya kuskure, wataƙila hankalinsa ne ya tafi. Idan biyu suka yi kuskure iri ɗaya, laifin rubutun ne. A zagayen farko mun sami matsalar “kafin” da na faɗa. A na biyu kowa ya bi jerin daidai, amma uku suka ɗauki babban marfin jarka, domin a hoton marfin ya cika fuskar waya har ya yi kama da babba. Muka ƙara daƙiƙa biyar a farko: ana cire marfin daga kan kwalbar lemo, ana ɗora shi a tafin hannu. A zagaye na uku, da sababbin mutane biyar, ba wanda ya ɗauki na jarka.

Wata mata a wannan zagaye ta yi ramukanta biyar daidai, ta miƙe ta ce, “Malam, to in na sa wanga, shi ke nan ba sai na kai takin awaki ba?” Ba mu yi tunanin wannan ba sam. Marfi ɗaya yana taimakon tsiro ya kafu da wuri, ba ya maye gurbin takin gida, kuma gonar da ake kwashe karanta kowace shekara ba a mai da mata komai za ta ci gaba da gajiya. Muka ƙara jimla a ƙarshe, da hoton amalanke tana sauke taki: “Wannan ba ya hana takin gida. A ci gaba da kaiwa.”

Kafin a saki, malamin gonar ya saurari muryar ƙarshe da takardar asali a hannunsa, yana duba ko wani adadi ya goce wajen sassautawa. Sai batun lokacin turawa. Mukan tura shi cikin watan Mayu, sa'ad da ake sassabe ana neman kuɗin taki, mu sake turawa da ruwan farko. Cirar hatsi a bar uku a rami, da sa taki a gefen tsiro ga masu binne, bidiyonsu daban ne, kuma ba a tura su sai hatsi ya yi mako biyu da fitowa.